Kati Na Ƙarewa Ba a Yi Kira Ba: Yadda Za Ka Tsayar da Cirar, Ka Nemi Kuɗinka

Wani mai karatu daga Kurfi ya aiko da tambaya, ya ce duk ranar da ya sa katin ₦500, kafin gari ya waye an zaftare wani abu a ciki, alhali bai kira kowa ba. Ya gaji har yana shirin jefar da layin.

Malam, kada ka jefar da layin. Shi ne a haɗe da asusunka na banki da lambarka ta NIN, wahalar sauya shi ta fi wahalar gyara shi. Abin da ka kwatanta ya yi kama da rajistar da ke sabunta kanta: waƙar da mai kiranka yake ji, ko saƙonnin sakamakon ƙwallo, ko wata gasar kacici-kacici. Sau ɗaya ake shiga, amma biya kullum ne ko duk mako, har sai ka soke da kanka. Galibi shigar ma ba da niyya ba ce. Wani ɗan akwatin rubutu ne ke faɗowa a fuskar waya kana tsakiyar wani abu, ka danna `OK` don ya kauce, ashe amincewa ka yi. Ko kuma yaro ya ɗauki wayar yana wasa.

Kashe waya ba ya hana komai, domin kuɗinka ba a cikin wayar suke ba, suna cikin na'urar kamfani. Idan lokacin sabuntawa ya yi babu kuɗi a layin, na'urar kan ci gaba da gwadawa, shi ya sa kana sa kati take dirar masa.

Amma kafin ka zargi kowa, tabbatar da ciwon tukuna, don akwai abubuwa biyu da ke kama da shi. Idan ka ci bashin kati, kamfani zai cire bashinsa da ladansa da zarar ka sa sabo. Idan kuma datarka ta ƙare ka bar ta a kunne, wayar na iya komawa kan kuɗin kira. Gwajin mai sauƙi ne. Da daddare ka kashe data, ka danna `*310#` ka rubuta abin da ya rage, kada ka yi kira. Da safe ka sake dubawa. A ce ka kwana da ₦500 ka tashi da ₦430, kuma ba a binka bashi. To wannan ₦70 rajista ce ta ci.

Yanzu sai ka danna `*305#`. Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta daidaita gajerun lambobi suka zama iri ɗaya a duk layuka, kuma wannan ita ce ta tsayar da irin waɗannan hidimomi. Ka bi zaɓin da ke nuna abin da kake ciki. A misalinmu, a ce ka tarar da biyu, ɗaya ta ₦50 kullum, ɗaya ta ₦20. Ba sa cika ido, amma ₦2,100 ke nan a wata, ₦6,300 a wata uku idan layin bai rasa kuɗi ba.

A nan ne mutane da yawa ke yin asara. Da sun ga jerin sai haushi ya ɗebe su, su soke nan take, su kuma goge saƙonnin. Dakata. Ɗauki hoton fuskar wayar tukuna, in ƙaramar waya ce ka kwafe sunan kowace hidima da kuɗinta a takarda. Ka koma cikin saƙonnin tes ka nemo waɗanda ke cewa an sabunta maka, ka lura da ranar na farko. Wannan ne hujjarka. Bayan haka ka soke su ɗaya bayan ɗaya, ka jira saƙon tabbaci na kowacce, washegari kuma ka maimaita gwajin daren nan. In ba ka iya karanta Turancin ba, ka sa wanda ka yarda da shi ya yi a gabanka, kada ka bar wayar a rumfar caji ka tafi.

Za a ce maka ka tura `STOP` zuwa 2442. Ka tura, yana da amfani: tsarin da NCC ta kawo a 2016 ne don toshe saƙonnin talla, wato yana rage ƙofar da ake shigowa. Sai dai kada ka ɗauka ya soke rajistar da kake ciki. Waccan sai ka gani da idonka ta fita daga jerin.

Neman kuɗin da aka riga aka cire yana farawa ne daga kamfanin layinka, a lamba 300. Kada ka ce "ana cinye mini kati" kawai, za a ba ka haƙuri a sallame ka. Ka faɗi sunan hidimar, da ranar da aka fara cira, da jimillar kuɗin. Ka ce ba ka nema ba, kana son a nuna maka rana da hanyar da ka amince, in babu a mayar maka. Ka tsaya sai an ba ka lambar ƙorafi, ka rubuta ta. Magana ce mai tushe, domin tun 2018 NCC ta umarci kamfanoni su daina sa mutane cikin rajista ko sabunta musu ba tare da yardarsu ba. Idan an yi shiru, ko amsar ba ta gamsar ba, sai ka kira NCC a 622, kyauta ne. Za su tambaye ka ko ka fara kai kuka wurin kamfanin, kuma lambar ƙorafin nan ce shaidarka.

Ba zan ruɗe ka ba: idan bayanansu sun nuna daga wayarka aka danna amincewa, ba lallai ka samu duka ba. Inda hujjarka ta fi ƙarfi shi ne duk abin da aka cire bayan ka soke, ko hidimar da aka kasa nuna lokacin da ka shige ta. In an mayar, a katin waya za ka gani, ba a banki ba. A ganina ko ₦200 ce ta cancanci kiran, don shirun da muke yi ne ya sa abin ya ɗore.

Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, naku ya fi zuwa ta katin ATM. Manhaja ta ce a gwada ta kyauta na kwana bakwai, aka sa lambar kati, rana ta takwas sai alat. Goge manhajar ba ya soke komai. A Play Store za a shiga hoton asusu, sai `Payments & subscriptions`, sai `Subscriptions`, a danna `Cancel subscription`. Google na duba buƙatar mayar da kuɗi musamman in an nema cikin awa 48, don haka kada a kwana a kai. Idan kuma cirar ba ka san ta ba sam, ka sa banki ya toshe katin, ka shigar da ƙorafi a rubuce ka karɓi lambarsa. In mako biyu suka wuce ba a warware ba, sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya ne mataki na gaba.

Kai kuwa Malam, yau da daddare ka yi gwajin, gobe ka danna `*305#`. In ka gama da taka, ka karɓi wayoyin dattawan gidanku ka duba musu, domin su ne aka fi cira ba su sani ba.