Launi na Kowa, Tambari na Mai Shi: Ƙa'idar Tsara Jesin Ƙwallo

Mafi yawan aikin da ke zuwa shagon mai tsara jesi, wato rigar da 'yan wasa ke sanyawa a fili, yana zuwa ne da hoton rigar wata babbar ƙungiya a waya, tare da buƙatar a yi irinta. Abin da mai sana'ar yake fara yi shi ne rarrabe abin da ke jikin rigar gida biyu, domin launi da ratsi da lamba abubuwa ne da ƙungiyoyi da dama suka yi tarayya a kansu, amma tambarin ƙungiya alamar kasuwanci ce, ma'ana shaidar da aka yi wa rajista don ta nuna daga hannun wa kaya suka fito, kuma ba a buga ta sai da izinin mai ita.

Wasu masu shago suna zaton rubuta cewa kayan ba na asali ba ne ya wadatar, alhali shari'ar Arsenal da Matthew Reed ta rushe wannan zato. Reed ya daɗe yana sayar da kaya masu alamun Arsenal a kusa da filin Highbury da ke Landan, da sanarwa a rumfarsa cewa ba daga ƙungiyar suke ba, amma Kotun Tarayyar Turai a 2002, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila a 2003, suka ba ƙungiyar gaskiya, saboda wanda ya ga kayan bayan sun bar rumfar ba zai ga sanarwar ba. Hukuncin na can ne, sai dai hujjarsa ta isa mai sana'a a ko'ina ya yi hattara.

A ɗauki misalin ƙungiyar unguwa da ke son ja da shuɗi irin na Barcelona. Mai tsarawa yakan zana ratsin da kansa a CorelDRAW, ya zaɓi faɗin da ya dace, kamar santimita 6, sannan ya tabbatar ratsi ɗaya ya zauna daidai tsakiyar ƙirji, domin in ya kauce, ɗinkin kafaɗa zai tona asirin aikin. A bayan rigar yakan bar fili mai launi ɗaya inda lamba za ta zauna, saboda lambar da aka ɗora kai tsaye a kan ratsi takan ɓace wa alƙalin wasa daga nesa. Ƙa'idar FIFA ta sa tsayin lambar baya tsakanin santimita 25 zuwa 35, kaurin layinta kuma 3 zuwa 5, kuma ko gasar unguwa tana amfana da wannan ma'auni. Akwai tarko a lambar ma, domin lambobin gasar Firimiya ta Ingila suna ɗauke da ƙaramin kan zaki a gindinsu, wanda tambarin gasar ne, saboda haka kwafo su daga hoto kwafar tambari ne ko da mai aikin bai lura ba. Haka nan ratsi uku masu faɗi ɗaya da ke gangarowa daga kafaɗa zuwa hannu alamar Adidas ce, kuma ya fi kyau a sauya adadinsu da faɗinsu.

Wurin da aka fi zamewa shi ne sabon tambarin. Dabarar da ta yaɗu, ta ɗauko garkuwar Barcelona a goge FCB a sa haruffan unguwa, ba ta fitar da kowa, tunda siffar garkuwar da jan gicciye da ratsin ja da rawaya na Kataloniya da ƙwallon da ke ƙasa duk suna nan. Gwajin da mai sana'a yake yi shi ne ya cire rubutu, ya mayar da zanen baƙi da fari, ya nuna wa mai kallon ƙwallo. In ya ambaci sunan wata ƙungiya, to sai a sake daga tushe. Abin da ya fi dacewa shi ne a gina tambarin a kan abin da ƙungiyar ta mallaka, kamar ƙofar gari ko dutsen unguwa ko shekarar kafuwarta, da launi biyu ko uku kacal, domin ƙananan zane-zane sukan cakuɗe idan aka rage tambarin zuwa santimita 8 a ƙirji.

Launin kansa yana da nasa rikici wajen bugawa. Shuɗin da ke haske a fuskar waya yakan dushe ko ya karkata zuwa shunayya a kan yadi, saboda allo yana haɗa launi da haske, injin bugu kuma da tawada, don haka sai an buga gwaji a ƙyalle kafin a taɓa rigunan. Farar lamba da aka manna da injin zafi a kan jan yadin roba kuwa tana iya rinewa bayan 'yan kwanaki, domin zafi yana tayar da rinin yadin ya ratsa cikinta, kuma maganinsa shi ne a yi amfani da ledar lamba mai shingen tare rini, a kuma rage zafin injin zuwa abin da kamfanin ledar ya ƙayyade.