Kafin ka ce wa baƙo ga masauki

Ɗana, na ji Alhajin da kake yi wa dillanci ya aiko daga Maraɗi cewa shi da abokansa za su zo sayen riɗi a Dawanau, kuma ya ce ka nema musu wurin kwana. Na kuma ji ka riga ka leƙa wani gidan saukar baƙi a Bachirawa da hantsi, ka ga fenti sabo da tayil yana ƙyalli, har kana shirin ce masa an samu. Dakata tukuna. Abin da za ka faɗa masa shaida ce, shi kuwa zai taso ta Ɗan Issa da Jibiya da Katsina, da kuɗin fatauci a jikinsa, bisa maganarka kaɗai.

A zamanin da fatake ke zuwa Gwanja ɗauko goro, mai masauki shi ne komai na baƙo. Shi ke ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya karɓi la'adarsa, in kuma abu ya ɓace shi za a tambaya. Yau mai gidan saukar baƙi kuɗin ɗaki kawai ya sani. Nauyin da mai masaukin da ya ɗauka ya dawo kan wanda ya ce wa baƙo "sauka a can", wato kai ke nan.

Abu na farko, ka koma da daddare. Masauki da hantsi duk ɗaya suke, an share, an yayyafa turare, janareta a kashe, maƙwabta sun tafi nema. Baƙonka kuwa yana kasuwa a lokacin. Shi daga magariba zuwa asuba zai zauna a ɗakin, saboda haka halin gidan a waɗannan sa'o'in ake tambayarka. In da hali ka biya kuɗin dare ɗaya ka kwana. In babu, ka je bayan isha'i ka zauna har ƙarfe 11 ko 12. Kuma ka ce a nuna maka ɗakin da za a ba baƙin naka, ka riƙe lambarsa, domin galibi akwai ɗaki guda da ake ajiyewa don nuna wa masu tambaya.

Da ka shiga, kada ka tsaya kallon labule. Yaye zanin gadon, ka ɗaga katifa, ka haska fitilar wayarka a bakin ɗinkinta da kuma inda katakon gado ya haɗu. Kuɗin cizo a nan yake ɓuya da rana. Ko ba ka ga ƙwaron ba, za ka ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe kamar an yayyafa tawada, wannan kashinsa ne, wani lokaci da ɓawon da ya saɓule. Dubi bangon da ke jikin gadon, in ka ga jirwayen jini a tsaye, wani ne ya kwana yana murtsuke su. In ka ga wannan, magana ta ƙare, kada ka saurari alkawarin cewa za a yi feshi gobe. Feshi ɗaya ba ya gamawa da su, don ƙwayayen da suka saka suna ƙyanƙyashewa bayan kwanaki. Illar kuma ba ta tsaya a daren ba, kuɗin cizo yana shiga jaka ya bi mutum har gidansa. Sannan ka sunsuna matashin kai. Zanin da aka wanke yana da ƙamshin sabulu da layin ninki. Wanda aka kakkaɓe aka mayar kuwa warin gumi da man gashi ke tona shi.

Banɗaki shi ne inda tsabtar gida take bayyana, tsabtar banɗaki kuma ruwa ne. Ka san halin unguwanninmu, daga Rijiyar Zaki har Tudun Fulani: mutane da yawa rijiyar burtsatse da 'yan garuwa suka dogara da su. To, murɗa famfo da hannunka, ka ja ruwan masai ka gani ko yana tafiya. In ka tarar da babban bokiti cike an ajiye a gefe, alama ce famfon ba kullum yake kawowa ba. Wannan ba laifi ba ne in an faɗa maka gaskiya, amma ka tambaya: burtsatsen gidan ne ko saye ake yi, yaushe ake tura ruwa tanki, da wuta ko da sola? Gidan da sai janareta ya tashi ake tura ruwa, sau da yawa tankinsa ya ƙafe kafin asuba, daidai lokacin da baƙo ke neman alwala da wanka. Dubi buta ma, ko akwai, ko an ware ta shiga banɗaki. Da damina kuma ka zagaya bayan taga. Kwata mai ruwa kwance da ragar taga yagaggiya, zazzaɓin cizon sauro ne kake shirya wa mutum.

Yanzu zancen tsaro, a nan nake so ka fi natsuwa. Yawancin matasa in an ce tsaro, katanga mai tsawo da maigadi suke kallo. Suna da amfani, amma ka fara daga ƙofar ɗakin. Makullin da aka ba ka, akwai irinsa a hannun ma'aikata, don haka abin da ke tsare mai barci shi ne sakata ta ciki. Ja ta ka gani ko tana shiga raminta, ko kuwa kusoshinta sun yi lako-lako. A wajen karɓar baƙi, lura ko an nemi katin shaidarka an rubuta sunanka. In ba a tambaye ka ba, to ba a tambayi na ɗakin kusa da kai ba. Zauna ka ga masu shige da fice. Gidan da ake ba da ɗaki na sa'a ɗaya ko biyu, ba wurin dattijo ba ne. Tun da aka kafa hukumar Hisbah a Kano a 2003, irin waɗannan wuraren take kai wa samame, kuma ba ƙaramin abin kunya ba ne a taso baƙonka da tsakar dare ana masa tambayoyi a kan abin da bai sani ba. Mai shayin bakin layi da limamin masallacin unguwa za su gaya maka sunan da gidan ya yi, in ka tambaya da ladabi.

Akwai haɗari biyu da ba a cika dubawa ba, kuma su ne masu kisa. Na farko hayaƙin janareta. Gubar da ke cikinsa ba ta da wari, ba a ganinta, mutum yana barci take shiga jininsa. Je ka ga inda aka girke injin. In a lungu yake ƙarƙashin tagar ɗaki, ko a baranda mai rufi, ko a ƙasan bene, ka ƙi ɗakin ko da kyauta ne. In ka kwana ka tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, kada ka ɗora wa gajiya, ka fita ka sha iska ka kuma sanar da masu gidan. Na biyu gobara. Tagoginmu duk da ƙarafa, don haka ƙofa ce kaɗai mafita. Tambayi wa ke riƙe makullin babbar ƙofa da dare, kuma a ina yake kwana. Na sha ganin gidan da ake sa kwaɗo ta waje maigadi ya tafi hira. Dubi soket ɗin bango, in ya yi baƙi ko ya narke, ko an soka tsirarar waya a ciki, ka sa shi cikin abin da za ka faɗa.

Hayaniya ba ta buƙatar dogon bayani, kunne kawai take so. Ɗakin da ke fuskantar titin Katsina zai sha ƙarar tireloli har gari ya waye, wanda ke ciki kuwa da sauƙi. Mu nan kusa da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano muke, amma jirgi wucewa yake yi. Abin da ke hana barci shi ne wanda ba ya tsayawa: janareta, gidan kallon ƙwallo a daren da manyan kulob ke wasa, da wurin biki a ƙarshen mako. Saboda haka ka faɗi ranar da ka je. Shirun daren Litinin ba ya zama shaida a kan daren Asabar.

Sai kuɗi. Kada ka ce wuri yana da araha ko tsada sai ka haɗa lissafin kwana guda gaba ɗaya. Mu ƙaddara ka samu gida biyu. Na farko naira 8,000 ne, amma yana can ciki, sai an shiga adaidaita sahu biyu kafin a kai Dawanau, zuwa da dawowa 3,000, ga ruwan wanka da cajin waya a waje 1,000, ya zama 12,000. Na biyu naira 12,000 ne, a bakin titi, mota ɗaya, 1,000 zuwa da dawowa, ruwa da wuta a ciki, ya zama 13,000. Ka ga bambancin da ka ɗauka 4,000 ne ya koma 1,000, kuma a kan wannan dubu ɗayan mutum zai yi barci ya isa kasuwa da wuri. Ka kuma tambayi sa'o'in wuta dalla-dalla. "Akwai wuta" ba amsa ba ce. Ƙarfe nawa ake tayar da inji in KEDCO ta ɗauke, ƙarfe nawa ake kashewa? A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, ɗakin da fankarsa ke tsayawa ƙarfe 12 na dare bai cancanci kuɗinsa ba, alhali ɗakin nan da hunturu ba wanda zai yi ƙorafi. Tambayi kuma ƙarfe nawa kwana ke ƙarewa, don wurare da dama da sha biyun rana ta wuce sai su lissafa sabon kwana, ɗan kasuwa kuwa ba ya gama lodi kafin la'asar.

Idan ka zo ba da labari, ka raba abin da idonka ya gani da abin da aka gaya maka. Kada haushin wani yaro da ya yi maka tsawa a ƙofa ya sa ka ɓata gidan gaba ɗaya, mai shi ma iyali yake ciyarwa. Aibin da za a iya gyarawa, kamar sakata ko ragar taga, ka fara gaya wa mai gidan, wataƙila kafin baƙi su iso ya gyara. Amma kada ka ɓoye wa Alhaji komai don an yi maka alkawarin ɗan wani abu a kan kowane ɗaki. In an ba ka la'ada, ka gaya masa an ba ka.

Ga yadda nake so saƙonka ya kasance: "Alhaji, na kwana a ɗaki na 6 daren Alhamis. Katifa ba kuɗin cizo, ruwa ya kai asuba, sakata lafiya, an rubuta sunana a ƙofa. Janareta yana bayan gida nesa da ɗakuna, ana kashe shi ƙarfe 2. Ɗakuna biyun gaba suna jin ƙarar titi, na ce a ajiye muku na ciki. Daren Asabar ban gani ba, maƙwabta sun ce akan yi biki a layin baya." Ranar da za su taso kuma, ka sake leƙawa da yamma ka tabbatar ɗakunan da ka duba su aka ajiye musu.