Yadda Ake Cika Fom ɗin Rahoton Abin da Ya Faru a Makaranta

A makarantar kwana irin tamu, wuya ne mako ya wuce ba a sami wani abin da za a kai gaban shugaban makaranta ba. Ko faɗa a ɗakin kwana, ko rauni a filin wasa, ko kuɗin wani su ɓace daga akwati. Shugaba kuwa ba ya wurin sa'ad da abin ya auku. Iyaye ma ba sa nan, wasu suna cikin garin Ringim, wasu suna ƙauyuka masu nisa. Saboda haka abin da malamin da ke kan aiki ya rubuta a ranar, shi ne idon kowa. Takardar da yake rubutawa a kai ita ce fom ɗin rahoto.

Fom ɗin ba shi da tsawo. Akwai wurin rana da lokaci, da wurin da abin ya faru, da sunayen waɗanda abin ya shafa da ajinsu, da sunayen shaidu. Sa'an nan sai babban fili na bayani, da filin matakin da aka ɗauka, da wurin sa hannu. Filayen farko kowa na iya cika su. A filin bayani ne ake yin ɓarna, domin a nan ne zuciyar mai rubutu take shiga alƙalaminsa.

Bari mu ƙaddara wani misali. An yi hayaniya a ɗakin cin abinci, wani ɗan aji ɗaya ya ji ciwo a goshi. Malami ya zo a fusace, ya rubuta cewa: "Wannan fitinannen yaro, wanda kowa ya san halinsa, ya fasa wa ƙaramin yaro kai da gangan. Da alama ya sha wani abu."

To, mu duba wannan magana da kyau. "Fitinanne" laƙabi ne, bai gaya mana abin da yaron ya yi a ranar ba. "Kowa ya san halinsa" ba shaida ba ce, don ba za a iya kiran "kowa" ofis a tambaye shi ba. "Da gangan" maganar niyya ce, niyya kuwa a zuci take, malam bai gan ta ba. "Ya sha wani abu" zato ne kurum, amma zato ne da zai iya sa a kori yaro daga makaranta, ya kuma bi shi har gida. Ko "fasa kai" ma ya yi nauyi, domin uban da ya karanta haka sai ya ɗauka ɗansa yana kwance rai a hannun Allah. Abin mamaki, duk da zafin kalmomin nan, har yanzu ba mu san ƙarfe nawa ne ba, ba mu san da me aka ji ciwon ba, ba mu ma san ko malam yana wurin ba.

Ga yadda ya kamata ya rubuta, sai dai a fom na gaske zai sa cikakkun sunaye:

"Ranar Laraba da ƙarfe 6:40 na yamma ina tsaye a ƙofar ɗakin cin abinci, na ji ihu daga tebur na 4. Da na isa, na ga ɗan aji ɗaya yana zaune a ƙasa, jini yana fita daga saman girarsa ta hagu. Tsawon yankan ya kai kamar santimita 2. Ɗan aji uku yana tsaye kusa da shi da kwano a hannu. Ban ga lokacin da aka ji ciwon ba. Ɗan aji ɗaya ya ce: 'Da kwano ya buge ni.' Ɗan aji uku ya ce: 'Kwanona ya fizge, na janye, ya faɗi a kan benci.' Na kai mai raunin ɗakin shan magani da ƙarfe 6:50, na sanar da shugaban makaranta da ƙarfe 7:15."

Mai karatu zai lura cewa malam ya raba abubuwa uku: abin da ya gani da idonsa, da abin da ya ji da kunnensa, da abin da aka faɗa masa. Na ukun nan ya sa shi cikin bakin mai shi, kalma da kalma, bai gyara ba, bai kuma zaɓi wanda zai gaskata ba. Jimlar da ta fi kowace daraja a ganina ita ce "Ban ga lokacin da aka ji ciwon ba." Wani zai ji nauyin rubuta ta, kada a ce bai kula da aikinsa ba. Amma ita ce za ta sa kwamitin ladabtarwa ya nemi yaran da ke tebur na 4, ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, ya kuma je ya duba bencin.

Akwai wani tarko da ke cikin harshenmu na Hausa, watau "an" da "aka". Mukan ce "an yi faɗa", "aka ji ciwo", don mu rufa wa wani asiri, kuma a zaman tare wannan ladabi ne. Amma a fom, in malam ya ga wanda ya ɗaga hannu, bai kamata ya rubuta "an mari yaro" ba. Sai ya faɗi wanda ya yi marin, da sau nawa, ko da mai marin firifet ne, ko ɗan wani babba, ko ma malami ɗan'uwansa. Rubutu ba da son rai ba, ba ya nufin a sassauta abin da ya faru. "Aka" tana da wuri ne kawai inda mai rubutu bai ga mai aikin ba, kamar yadda ta zo a misalin nan na sama.

Ta yaya malami zai gane ya kauce? Hanya mai sauƙi ita ce ya ƙaddara iyayen yaran biyu suna zaune a gabansa, yana karanta musu. Duk jimlar da ɗayansu zai iya tsayar da shi ya ce, "Malam, ina ka ga wannan?" kuma ya rasa amsa, to sai ya cire ta. Mu da muke karatun addini ma mun san Suratul Hujurati ta hana yawan zato da jifan juna da munanan laƙabi, ta kuma yi umurni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi.

Wani lokaci abin ya fi ƙarfin faɗan kwano. Yaro yakan zo ya faɗi cewa wani babba yana cutar da shi a ɓoye. A nan malami ba zai zama ɗan sanda ba, kuma ba zai sa wa yaro magana a baki ba, irin su "Wane ne ya yi maka, ko?" Sai ya ce, "Faɗa mini abin da ya faru," ya rubuta kalmomin yaron yadda suka fito, ya miƙa wa shugaba a ranar. Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar haƙƙin yara a 2003, Jihar Jigawa kuma ta sa hannu a kan tata dokar kare yara a 2021. Don haka irin wannan takarda tana iya barin makaranta ta tafi Ma'aikatar Ilimi a Dutse, ko ta kai gaban alƙali, inda za a bi ta layi-layi.

Shi ya sa ake cika fom a ranar da abin ya faru, tun kafin labari ya zaga ɗakunan kwana ya dawo da ƙari. Ana rubutawa da biro, ba da fensir ba. In an yi kuskure, ba a kankarewa, sai a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na farkon, a sa hannu a gefe. In kuma wani sabon bayani ya fito washegari, sai a rubuta shi a wata takarda dabam da kwanan watanta, a maƙala a bayan ta farko, a ajiye su a ofishin shugaba inda ɗalibai ba sa kaiwa.