Saurin Haske da Jinkirin Lokaci

Idan jirgin ƙasa yana tafiyar kilomita 60 a awa, wani fasinja kuma ya jefa dutse gaba da saurin kilomita 20 a awa, mutumin da ke tsaye a tasha zai ga dutsen yana gudun kilomita 80. Haka muka saba haɗa sauri da sauri. Amma haske ba ya bin wannan lissafi. Saurinsa a sarari kusan kilomita 300,000 ne a sakan ɗaya, kuma ko fitilar tana tsaye ko tana gudu, ko mai awon yana bin hasken ko yana guje masa, amsar ɗaya ce. A shekarar 1887 Michelson da Morley sun nemi bambanci a saurin haske saboda tafiyar duniya, ba su samu ba. A 1905 Albert Einstein ya ɗauki wannan rashin canji a matsayin doka, ya bi ta har inda ta kai shi.

Bari mu bi sawunsa. A ce muna da jirgin sama jannati mai madubi biyu, ɗaya a daɓe ɗaya a rufi, tsakaninsu mita 3. Haske yana kai da kawowa tsakanin madubin, kowace tafiya kuma bugu ɗaya ce ta agogo. Matuƙin da ke ciki yana ganin hasken ya miƙe sama sak, mita 3 ke nan.

To, a ce jirgin yana gudun kashi huɗu cikin biyar na saurin haske, wato kilomita 240,000 a sakan. Mai kallo daga ƙasa zai ga cewa kafin hasken ya isa rufi, rufin ya matsa gaba. Saboda haka hasken ya bi karkatacciyar hanya. Ku zana alwatika mai kusurwar digiri 90: tsayinta mita 3, gindinta mita 4 da jirgin ya ci. Dokar Pythagoras ta ce 9 a tara da 16 ya ba da 25, wato karkatacciyar hanyar mita 5 ce. Lissafin ya daidaita, domin jirgin ya ci 4 a lokacin da haske ya ci 5.

Ga inda gizo ke saƙa. Matuƙi ya auna mita 3, na ƙasa ya auna mita 5, alhali dukansu sun yarda saurin hasken ɗaya ne. Lokaci kuwa nisa ne a raba da sauri. Tun da saurin bai canja ba, dole lokacin ne ya bambanta. Duk sakan 5 da agogon ƙasa ya buga, na jirgi 3 kawai zai buga. Idan jirgin ya je ya dawo da wannan sauri, ƙasa ta ƙirga shekara 10, matuƙin shekara 6 ya ƙara.

Akwai kuskure biyu da ɗalibai suka cika yi. Na farko, su ɗauka agogon ne ya lalace. A'a, bugun zuciyar matuƙin da tsufansa duk suna tafiya tare da agogonsa, shi ya sa ba zai ji wani canji ba. Na biyu, su manta cewa muddin jirgin yana tafiya a miƙe da sauri ɗaya, shi ma matuƙin agogon ƙasa yake gani yana jinkiri. Abin da ke raba gardama shi ne juyowa: matuƙin ne ya canja hanya ya dawo, don haka shi za a tarar da ƙarancin shekaru.

Me ya sa ba ma ganin wannan a hanyar Kano zuwa Jos? Domin gudunmu ƙanƙane ne. Motar da ta yi shekara 100 tana gudun kilomita 100 a awa, jinkirin agogonta ba zai kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba.

Duk da haka an tabbatar da abin. Akwai wata ƙwayar halitta mai suna miyuwon da ke samuwa a sama, wajen kilomita 15 daga ƙasa. Matsakaicin ranta kashi 2.2 cikin miliyan na sakan ne, wanda ko da saurin haske bai wuce tafiyar mita 660 ba. Amma da yawansu suna isowa ƙasa. Wadda ke gudun kashi 99.5 cikin ɗari na saurin haske, ranta yana ninkuwa sau goma a awonmu, waɗanda suka fi ta gudu kuma su fi haka.

Ga aikin hutu: jirgi yana gudun kashi uku cikin biyar na saurin haske. Ku zana alwatikarsa, ku gano shekara nawa matuƙin zai ƙirga idan ƙasa ta ƙirga 10. Wanda ya sami 8 ya fahimci darasin.