Kwalli da Hatsarin Gubar Dalma

Wata mai sauraronmu daga Gusau ta aiko tana tambaya: shin da gaske ne kwalli na da illa, gara jagirar ido ta kanti?

To, Malama, mun gode. Yawancin kwallin gargajiya dutsen dalma ake niƙawa a yi shi, wannan mai ƙyalƙyalin nan. Dalma kuwa guba ce. Yaron da aka sa wa kwalli yakan murje ido ya kai hannu baki, sai gubar dalma ta riƙa taruwa a jininsa, tana taɓa ƙwaƙwalwa a hankali ba tare da alama ba. Gwajin jini a asibiti ne ke nuna ta.

Jagirar kanti mai lambar NAFDAC ta fi aminci, amma kada a yi aronta. Jarirai kuwa, don Allah a daina sa musu kwalli.