Lissafin Darajar Gonar Kaji Wata-Wata

Mai kiwon kajin da ya sayi 'yan tsaki a Oktoba domin kasuwar Disamba yana kashe kuɗi wata biyu kafin kwabo ya shigo hannunsa, saboda haka lissafin shekara ɗungurungum yana ɓoye masa nauyin wannan jira. Abin da ya dace shi ne a jera shige da ficen kuɗi wata-wata, sannan a rage darajar kuɗin gaba da ma'aunin wata. Ma'aunin shekara na kashi 24 cikin ɗari, idan riba kan riba ake nufi, yana komawa kusan kashi 1.81 a wata, amma raba shi gida 12 yana ba da kashi 2, wanda ke tauye darajar cinikin Disamba fiye da kima.