Cike Giɓi a Zanen Rassan Yiwuwa

Wani mai sauraro ya aiko hoton zanen rassa wanda wasu lambobinsa suka goge. A lura cewa rassan da suka fito daga gaɓa ɗaya dole jimillarsu ta zama 1, don haka idan reshen ruwan sama 0.3 ne, na rashinsa 0.7 ne. Lambar da ke kan reshe na biyu yiwuwa ce mai sharaɗi, wato yiwuwar abu bayan an san na farko ya auku. Idan ƙarshen hanyar "ruwa, sannan makara" ya nuna 0.12, to, a raba shi da 0.3, a sami 0.4, domin ninka rassan ne ya haifar da 0.12 tun farko.